Waiwaye: Darasin Jos a kan zazzaɓin da ya ƙi jin magani

A watan Janairun 1969 wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, da ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu, ta kwanta da ciwon baya da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. An yi mata abin da kowane likita zai yi a wurin, wato aka ba ta kulorokwin saboda zazzaɓin cizon sauro, aka haɗa da fenisilin. Jiki ya ƙi. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, can ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, an kai ta Amurka ta rayu, kuma jininta na cikin wanda aka gano ƙwayar cutar da shi a Jami'ar Yale. Shekara na zagayowa cutar ta sake ɓulla a wani ɗakin marasa lafiya a Jos, ta bi gado-gado, ta kama masu jinya da ma'aikata. Likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta rasu a watan Fabrairun 1970.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya yi sakaci irin wanda ake zargin mutum a kai. Cutar ba ta da suna a farkon 1969, kuma da fuskar maleriya ta shigo. Yau tana da suna, zazzaɓin Lassa, an san ɓeran da ke ɗauke da ita, akwai gwaji, amma har yanzu ta wannan ƙofar take shiga asibitocinmu. A farkon 2020 likitoci sun rasu a Kano bayan aikin tiyatar wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da cutar ba. Haka Ebola ta yi a Legas a watan Yulin 2014: maleriya aka fara zato ga Patrick Sawyer, kafin Likita Ameyo Adadevoh ta tsaya kai da fata ta hana shi fita daga asibiti.

Kuskure mafi yawa a ganina shi ne jiran jini. Da yake ana kiran waɗannan cututtuka masu sa zubar jini, sai ma'aikaci ya ɗauka in dasashi bai zubar ba, hanci bai haɓo ba, to ba Lassa ba ce. Alhali mafi yawan masu cutar ba sa zubar da jinin da ido zai gani, waɗanda suke yi kuwa sai tafiya ta yi nisa. Kusan mutum takwas cikin goma da ƙwayar ta shiga jikinsu ma ba sa yin ciwo mai tsanani. Wanda ya jira jini, ranar da ya gan shi maras lafiya ya riga ya yi mako a tsakiyar jama'a, an ɗebi jininsa, an kwashe amansa, dangi sun cika ɗaki da dubiya.

A ce a watan Fabrairu aka kawo wani matashi ƙaramin asibiti daga wani ƙauye a yankin Toro ta jihar Bauchi. Kwana huɗu yana zazzaɓi, ma'aunin zafi ya nuna 38.9, ga ciwon kai da kasala. Aka soki yatsa, gwajin gaggawa na maleriya ya nuna layi biyu. Nan ne tarkon yake. Gwajin bai yi ƙarya ba, amma abin da ya faɗa kaɗan ne. A ƙasarmu baligai da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ta kwantar da su ba, kuma irin gwajin da aka fi amfani da shi yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. Mutum yana iya ɗauke da cututtukan biyu lokaci guda. Ga kuma yanayi: maleriya ta fi ƙarfi da damina zuwa kaka, Lassa kuwa daga Disamba zuwa wajen Afrilu take tashe. Zazzaɓi mai naci ga baligi a tsakiyar rani ya cancanci tambaya ta biyu.

Tambayar ita ce me ya sha kafin ya zo. Wuya ka ga wanda ya iso asibiti bai biya ta kemis ba. Idan matashin nan ya ce ya shanye cikakken zubi shida na maganin maleriya cikin kwana uku, bai amayar ba, kuma zafi bai sauka ba, to an riga an yi gwajin da ya fi na yatsa faɗin gaskiya. Maleriyar da ta sami magani mai kyau takan saki mutum cikin awa 48 zuwa 72. Ƙa'idar hukumar NCDC ma a kan wannan ta dogara: zafin da ya kai 38, ya yi kwana uku zuwa sama, ya ƙi jin maganin maleriya da na taifot, a fara zaton Lassa. Muhimmancin lissafa maganin kemis shi ne lokaci. Ribabirin, maganin da ake bayarwa, an fi sa ran amfaninsa cikin kwana shida na farkon ciwo (kodayake masana suna ta muhawara a kan ƙarfin hujjar amfanin nasa). In aka sallami matashin da sabon zubi aka ce ya dawo bayan kwana uku, ya shiga kwana na bakwai ke nan.

Sai a leƙa maƙogwaro da tocila. Maleriya ba ta cika sa ciwon maƙogwaro ba, Lassa kuwa takan sa shi ya yi ja, wani lokaci da fararen tabo, har haɗiyar miyau ta gagara. A tambayi ciwo a bayan ƙashin ƙirji. A dubi ido ko ya yi ja, fuska da wuya ko sun fara kumbura. A tsoma tsinken gwaji a fitsari, domin furotin a fitsari tare da ciwon maƙogwaro da ciwon ƙirji haɗi ne da ke ƙarfafa zato ƙwarai. Zazzaɓin ma halinsa daban: na maleriya yakan zo da rawar ɗari, ya yi gumi ya sauka, ya dawo, na Lassa kuwa a hankali yake hawa ya zauna. A ƙarshe a tambayi gida, ko wani ya rasu da irin wannan ciwo cikin mako uku, ko ya yi jinya ko wankan gawa, ko ɓeraye sun addabi rumbu. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke tabbatar da cutar. Binciken ɗakin gwaji, irin su PCR, ne kawai ke tabbatarwa.

Amma keɓewa ba ta jiran sakamako. Da zato ya tsaya, a fitar da shi daga layi zuwa ɗaki shi kaɗai mai iska, da fo da buta da ma'aunin zafi nasa na kansa. In babu ɗaki, a ware gadon ƙarshe a kange shi, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya, biyu in da hali. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ko a kira 6232, layin NCDC. Littafi ya zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya shiga a rubuta sunansa. Dubiya ta tsaya daga taga, kuma a yi wa iyali bayani da mutunci, don iyalin da aka wulaƙanta sukan sace ɗansu cikin dare su kai wa mai maganin gargajiya, cutar ta bi su.

A wannan zaman jira ba a daina magani. Tunda gwaji ya nuna maleriya, a ci gaba da maganinta, atesunet ta jijiya in jiki ya yi tsanani, domin an sha rasa mai maleriya zalla saboda tsoro ya hana kowa matsowa kusa da shi. A ba shi ruwa, a riƙa auna fitsarin da yake yi, don Lassar Nijeriya takan taɓa ƙoda. Don zafi farasitamol kawai. Asfirin da dikilofenak da ibufurofen suna ƙara haɗarin zubar jini da lalacewar ƙoda, allurar ɗuwawu ma a guje ta. Jinin gwaji sau ɗaya za a ɗiba, a rufe kwalbar cikin mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya, a sa cikin sanyi a aika ɗakin gwajin da aka amince da shi, irin na Irrua a jihar Edo ko babban ɗakin gwajin NCDC da ke Gaduwa a Abuja. Ɗan ƙaramin ɗakin gwajin asibiti, inda ake juya jini a buɗe ba tare da kariyar fuska ba, a daina aika masa samfur sai an gaya masa abin da ake zato.

Game da kayan kariya, mutane sun fi damuwa da sawa, alhali a cirewa ake kamuwa. Safar hannu biyu, riga mai hana ruwa, leda ta gaba, takunkumi, tabarau ko garkuwar fuska, hular kai da takalmin roba, duk wannan a zafin Maris ba ya jurewa fiye da wajen awa ɗaya. Mutum ya fito gumi na zuba masa a ido, tabarau ya yi hazo, hannu ya tafi fuska da kansa. Shi ya sa ba a cirewa sai da abokin aiki a tsaye yana kiran mataki ɗaya bayan ɗaya. A fara da abin da ya fi ƙazanta, wato ledar gaba da safar waje, sannan hula da riga ana naɗe ta ciki ya koma waje, sannan tabarau da takunkumi a kama su ta igiyar baya, sannan takalmi, safar ciki ita ce ƙarshe. Tsakanin kowane mataki a wanke hannu. Asibitin da ba shi da cikakken kaya bai kamata ya ce ba abin yi ba: safar hannu, takunkumi, kariyar ido da ledar gaba sun tare mafi yawan hanyoyin, tunda jini da amai da fitsari da kashi ne ke ɗauke da ƙwayar.

Ruwan kulorin iri biyu ake haɗawa, kuma a nan ma ana ruɗewa. Mai ƙarfi, kashi 0.5 cikin 100, shi ne na amai da jini da ƙasa da gado. Idan bilic ɗin wanki na kasuwa mai kashi 3.5 ne a hannu, mudu ɗaya nasa a zuba masa mudu shida na ruwa. Daga wannan a ɗebi ɗaya a ƙara ruwa tara, ya zama kashi 0.05, na wanke hannu. A rubuta a jikin kowane bokiti, a haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa da murfi, don rana tana kashe ƙarfinsa.

Idan sakamako ya dawo da Lassa, littafin bakin ƙofa ne zai yi aiki. Duk wanda ya taɓa matashin, daga matarsa har mai shara da ɗan acaɓan da ya kawo shi, za a riƙa auna zafin jikinsa kullum har kwana 21, iyakar lokacin da cutar ke ɓoyewa. Ba a kulle su, amma wanda zafinsa ya kai 38 a ɗauke shi a matsayin wanda ake zato nan take. Mai juna biyu a cikinsu a fi sa mata ido, don a watannin ƙarshe cutar takan kashe abin da ke ciki fiye da kashi 80 cikin 100. In rai ya yi halinsa, ma'aikata masu kayan kariya ne za su shirya gawa, a yi mata salla daga ɗan nesa tare da liman. In kuma ya tashi, a gwada jinsa kafin sallama da bayanta, domin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke sukan sami kurumta, a gaya masa kuma ƙwayar takan daɗe a maniyyi har wata uku, don haka ya yi amfani da kororon roba ko ya ƙaurace wa iyali na tsawon wannan lokaci.