Kafin ka biya kuɗin katifa, ka sa a ɗora ta a sikeli

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa raka iyaye mata sayen kayan ɗaki a Kasuwar Muda Lawal ya san tambayar farko da ake yi wa mai katifa: inci nawa ce? In aka ce goma sha biyu sai fuska ta washe, don dangin ango za su ga gado ya yi tudu. Ni a ganina wannan tambayar ce ke cinye mana kuɗi. Kauri ba ya faɗin komai game da ƙarko. Abin da ke faɗi shi ne nauyin soson.

Ga lissafin. Katifa mai ƙafa shida da huɗu da rabi, kauri inci takwas, cikinta ya kai kusan rabin mita kubik. Kamfanoni na auna ingancin soso da kilo nawa ke cikin mita kubik guda. In soson mai lamba 18 ne, katifar za ta yi wajen kilo 9, in mai lamba 30 ne kuma kilo 15, ban da ɗan nauyin yadin da aka lulluɓe ta da shi. Su biyun a ido iri ɗaya ne, amma mai kilo 9 iska ta fi yawa a cikinta. Magidanci mai jiki ya yi damina ɗaya ko biyu a kanta, wurin kwankwaso zai lotsa ya zama kwarmi, daga nan sai ciwon baya da asuba. Mai kilo 15 takan yi shekaru tana komawa daidai. Sikeli kuwa ba abin wahala ba ne a kasuwa. Mai kaya mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Sai dai nauyi kaɗai ba hujja ba ce, domin akwai masu zuba garin alli a haɗin soso don ya yi nauyi. Ka dafa gwiwarka a tsakiyarta na minti ɗaya ka tashi. In shatin ya ɓace nan take, da alamar lafiya. In ya tsaya yana jan jiki, ka wuce gaba. Kada kuma tauri ya ruɗe ka, ana iya yin soso maras nauyi da tauri kamar katako, bayan 'yan watanni ya saki.

Matsalar soso ita ce zafi. A Maris da Afrilu, lokacin da Bauchi ke kusan kai digiri 40 ga wuta ba tabbas, soso yakan riƙe ɗumin jiki ya mayar maka, kuma mai laushin da jiki ke nutsewa ciki ya fi muni. Mu ma muna ƙara wa kanmu: sai a bar ledar kamfani a jiki shekara guda wai kada ta yi datti. Leda ba ta shan gumi. A cire ta, a shimfiɗa zanin gado na auduga.

Mai sifirin ta fi sanyi don iska na ratsa cikinta. Amma ba ta naɗuwa, ga nauyi, kuma mu mutane ne da ke jan katifa zuwa tsakar gida in bazara ta yi tsanani. In akwai yara masu tsalle, ko shimfiɗar samanta siririya ce, ba da jimawa ba za ka ji ƙarfe na taɓa haƙarƙari. Ta gwanjo kuwa ban ba da shawara ba, saboda kuɗin cizo na samun maɓoya a ɗinki da cikin ƙarafan.

Ta zaren ɓawon kwakwa tana da sanyi da tauri, ta dace da mai son kwanciya kamar kan tabarma. Aibinta biyu: in ta lotsa ba ta dawowa, kuma tana shan laima, ɗaki mai danshi a watan Agusta zai sa ta wari. Ta robar itace, wadda ake kira latas, ita ce ta fi duka ƙarko, ga ramukan iska a jikinta, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. In an nuna maka wata mai araha da za ka ɗaga da hannu ɗaya aka ce ita ce, soso ne, don ta gaskiya ta ninka soso mai kyau nauyi.

Saboda haka ga mai matsakaicin hali a garin nan, ni ina bayan soso mai nauyi, inci takwas, a kan mai inci goma sha biyu da ba ta da nauyi. A karɓi rasit da takardar garanti, a ɗora ta kan gado mai katakai da tazara don iska ta shiga ta ƙasa, a riƙa juya ta kai da ƙafa duk wata uku. In za a shanya, a yi a inuwa, don rana na sa soso ya yi rawaya ya fara marmashewa.