A yi bango mai kauri, a yaɓe shi da ƙasa

Jama'a, kaka ta wuce, an fara buga birgi a bakin tabkuna. Mu dai ra'ayinmu shi ne: mai gina ɗaki ɗaya ya yi bango mai kaurin santimetir 40. Siririn bango yana saurin ɗaukar zafin rana, kuma ruwan sama ba ya daɗewa yake cinye shi. Sai dai bango mai kauri yana cin birgi ninki biyu, don haka a yi lissafi tun kafin a kira magini.

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon metir 4 da faɗin metir 3 daga ciki, tsayin bango metir 3. Birginmu yana da tsawon santimetir 40, faɗi 20, kauri 10. Za a jera shi a gicciye, wato tsawon birgi shi ne kaurin bango.

In aka auna kewayen ɗakin ta tsakiyar bango, za a samu metir 15 da santimetir 60. Kowane birgi da laƙar da ke gefensa yana cin santimetir 22. Ke nan jeri ɗaya birgi 71 ne. Kowane jeri da laƙarsa yana hawa santimetir 12, sai an yi jeri 25 a kai metir 3. To, 71 sau 25 ya ba mu 1775. A cire wajen 75 na gurbin ƙofa da taga, saura 1700.

Kada a tsaya nan. Birgi yana fashewa a amalanke, wani kuma wurin saukewa. A kan kowane goma a ƙara ɗaya, a buga 1900. Na harsashi da na rawanin soro lissafinsu daban ne.

Batun yaɓe shi ne inda muke saɓawa da mutane da yawa. Wanda ya samu kuɗi sai ya shafa siminti a kan birgin ƙasa. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. In ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa, ba ya samun hanyar fita, bango yana jiƙewa a ɓoye. A ƙwanƙwasa shi da hannu: in ya yi ƙara kamar ganga, ya riga ya rabu da bango.

A kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana ƴan kwanaki tana ruɓa. A gwada a gefe ɗaya tukuna. In ta bushe ta tsattsage, yumɓu ya yi yawa, a ƙara rairayi. Yaɓen waje mai kaurin santimetir 2 zai ci kimanin baro 20. A yayyafa wa bango ruwa kafin a yaɓa. Bangon gabas shi ne hadari ya fi duka, a sabunta yaɓensa kowace shekara kafin ruwan farko.