Kafin ka cike fom ɗin neman aiki, tambayi mai talla

Jama'a, akwai wata kunya da ke cin mu a wajen neman aiki, kuma na ga ta jawo wa mutane asara. Mutum zai ga sharaɗi a tallan aiki bai gane shi ba, ga adireshin imel a ƙasa an ce a tuntuɓa, amma sai ya gwammace ya tambayi mai shagon kwamfuta ko 'yan zauren WhatsApp. A ganina wannan kuskure ne.

Kwanan baya ƙanin matata ya zo min da wani talla. An ce mai nema ya kasance yana da takardar kammala bautar ƙasa ko takardar yafewa. Shi kuma digirinsa na ƙarshen mako ne, yana aiki yana karatu. Hukumar NYSC takardu uku take bayarwa. Wanda ya yi hidimar shekara guda yana karɓar ta kammalawa. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya gama karatu yana karɓar ta yafewa. Wanda bai yi karatun cikakken lokaci ba kuwa, wasiƙa ake ba shi mai nuna cewa ba ya cikin waɗanda ake kira. To ita ce a hannunsa, kuma tallan bai ambace ta ba. Ya buɗe shafin, ya tarar zaɓi biyu ne kawai: Discharge da Exemption.

Ya ce min, "Yaya, kawai in danna Exemption in ɗora tawa, ai duk ɗaya ne." Na ce masa ba ɗaya ba ne. Na taɓa zama sakataren kwamitin tantance takardu a wurin aikinmu, na san yadda ake yi. Ranar tantancewa fom ɗinka ake ajiyewa gefe guda, takardunka na asali a ɗaya gefen. In suka saɓa, babu mai lokacin sauraron dogon bayani, layi ya kai bakin ƙofa. A mafi sauƙi a cire sunanka, bayan ka kashe kuɗin mota da na masauki. A mafi muni a rubuta cewa ka ba da bayanin ƙarya. In kuma ya haƙura bai nema ba, wataƙila ya bar aikin da ya cancanta saboda kawai wanda ya rubuta tallan ya manta da takarda ta uku.

Sai muka zauna muka rubuta saƙo mai layi huɗu. A kan saƙon ya sa sunan gurbin da lambar tallan. Ya kwafo jimlar da ta ɗaure masa kai yadda take. Ya faɗi irin karatun da ya yi da takardar da ke hannunsa. Sannan tambaya guda: kuna karɓarta, in eh, wane zaɓi zan danna? Bai haɗa da tarihin aikinsa ba, bai ce a taimaka masa don Allah ba. Bayan kwana uku aka amsa cewa ana karɓa, ya danna Exemption ya ɗora wasiƙar. Abin da ya so yi tun farko ke nan, amma yanzu da izini a rubuce. Na sa ya buga amsar ya haɗa da takardunsa.

Wani zai ce tambaya tana sa a raina ka, ko a ɗauka kamun ƙafa kake. Kamun ƙafa shi ne ka nemi a sassauta maka sharaɗi. Neman a fayyace shi kuwa haƙƙinka ne, don haka aka sa adireshin. Abin da ke ɓata wa jami'i rai shi ne a tambaye shi abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro, kamar ranar rufewa.

Wani kuma zai ce ai ba sa amsawa. Gaskiya ne, sau da yawa shiru za ka ji. Shi ya sa ake tambaya a makon farko, ba ana saura kwana ɗaya a rufe ba. In an yi kwana huɗu ko biyar shiru, ka sake turawa sau ɗaya. In har yanzu babu amsa, ka nema, amma kada ka rubuta abin da ba haka yake ba.

Abu biyu a kiyaye. Amsar waya iska ce, in an yi maka bayani da baki ka roƙi a tabbatar a rubuce. Sannan duk wanda ka tambaya ya ce turo wani abu a gyara maka, ka san hannun 'yan damfara ka faɗa.

Mai ɗa ko ƙani da ke neman aiki, a nuna masa wannan. Allah Ya ba kowa halaliyarsa.