Gobara Da Kuɗin Takaful

Wata ɗalibata mai sayar da atamfa ta yi gobara, Allah Ya kiyaye gaba. Kayan shagonta na Naira miliyan 2 ne, amma na miliyan 1 da rabi ta yi wa takaful, wato inshorar Musulunci. Wuta ta cinye na 1,200,000 a farashin sari.

Aka biya ta 900,000, ta ce an cuce ta. Ba cuta ba ce: kashi uku cikin huɗu na kayan ta yi wa takaful, don haka kashi uku cikin huɗu na asarar aka biya.

Na ce ta rubuta asarar daban a littafinta, diyyar daban. Ragowar 300,000 za ta cire daga ribar bana. Rasiɗan sari ne hujjarta, kuma Allah Ya sa a gida take ajiye su.