Addu'ar Waƙar Reno Ta Tsaya Daidai Da Daren Jariri

A zangunanmu na Kumasi da Akra, yaro yana tasowa ne tsakanin harsuna uku ko huɗu, kuma da zarar ya shiga makaranta Turanci ke cinye yininsa. Hausar da zai ji ba tare da hayaniyar wani harshe ba ita ce ta dare, a bayan uwa ko a cinyar kaka. Shi ya sa muke murna da ganin matasanmu sun fara rubuta sababbin waƙoƙin reno. Amma da yawansu suna loda wa waƙar addu'ar manya: tsari daga mahassada, neman mulki da dukiya. A ganinmu, addu'ar waƙar reno bai kamata ta wuce daren nan da wayewar garinsa ba.

Mu ɗauki layin da marubuci kan fara da shi: "Allah ya tsare ka daga sharrin maƙiya da mahassada." Addu'a ce ingantacciya, ba mu musa ba. Sai dai gaɓoɓinta goma sha takwas ne, kuma mai goyo tana jijjiga yaro tana bubbuga shi, numfashinta ba zai kai ƙarshen layin ba sai ta yanke shi. Ban da haka, ta kawo maƙiya bakin shimfiɗa. Jariri bai san ma'anar kalmar ba, amma muryar uwa takan yi tauri idan ta ambace su, ga kuma yayansa ɗan shekara huɗu a kan tabarma yana saurare. Wannan dalilin ne ya sa ba ma goyon bayan saka Dodo a waƙar kwanciya, komai daɗewar al'adar tsorata yaro da shi.

Ga abin da muka mayar da layin, baiti guda mai layi huɗu, kowanne gaɓa takwas:

Rufe ido, ɗan lelena,
Allah tsare maka kwana,
Ka tashi da hasken rana,
Lafiya lau a bayana.

Tsarin da aka roƙa yana nan, amma ba a ambaci abin tsoro ba. Gaɓa takwas kuwa numfashi ɗaya ne, kuma tana rabuwa biyu daidai da kaɗawar jiki, huɗu dama huɗu hagu. Amsa-amon "na" ba don ado muka zaɓe shi ba. Duk kalmomin ƙarshen nan suna ƙarewa da dogon wasali, wanda za a iya jan sa ana sassauta murya yayin da idon yaro ke lumshewa. Layin da ya ƙare da baƙi, kamar "tak" ko "kaf", datse murya yake yi, yakan kuma farkar da wanda barci ya fara ɗauka.

Layin farko muka fi daɗewa a kansa. Uwar da ke kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, haka ma wadda aka sa wa ɗanta sunan surukinta. Marubucin da ya kafe sunan yanka a cikin waƙa ya rufe wa waɗannan iyaye ƙofa. A bar gurbin laƙabi mai gaɓa huɗu: "ɗan autana" ya shiga, "ya Tankona" ya shiga ga namijin da ya biyo mata, "'yar lelena" ma haka. Ga mace sai a mayar da "maka" zuwa "miki", "ka" zuwa "ki", ma'auni bai motsa ba. Mun san Hausar zango ba ta cika damuwa da rarrabe jinsi ba, to ga wuri mai sauƙi da kunnen yarinya zai saba da "ki".

Sai karin sauti, inda waƙoƙin da aka ɗora a kan kiɗan aro suke tuntuɓe. "Kuka" na hawaye gaɓoɓinsa biyu duka a sama suke, "kuka" ta miya kuwa ta biyun faɗuwa take yi. Idan karin waƙar ya sauko a kan "daina kuka", to an hana yaro bishiya. Maganinsa a fara faɗin layin da muryar magana sau uku, sannan a bar rerawa ta bi hawa da saukar da baki ya riga ya yi.

Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi suna da matsayinsu, karanta su ake yi a tofa, ba a rera su da jijjiga. Waƙar tana zuwa ne bayansu. Kafin a saka ta a shafi, a ba wata kaka ta rera sau biyu ba takarda a hannunta. Duk kalmar da ta tsallake ko ta musanya, a duba ta, galibi a nan gaɓa ta yi yawa.