Ra'ayinmu: Zargi kaɗai ya isa a kai rahoton illar magani

Kowace damina, ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida a garin Bauchi suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Maganin na ceton rayuka, amma ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa, wanda aka fi sani da Fansida, kan jawo mummunar illa ga 'yan ƙalilan. Abin tambaya shi ne, idan hakan ta auku, wa ke samun labari?

A ɗauka yarinya 'yar shekara uku ta sha maganin ranar 5 ga Agusta. Ranar 14 sai zazzaɓi ya rufe ta, idanu suka yi ja, baki ya yi gyambo, fata ta fara saluɓewa. Iyaye za su ce ƙyanda ce. Ma'aikacin da ya tambayi abin da ta sha a makonnin baya shi zai yi zargin magani. Bayan an hanzarta da ita asibiti, an kuma hana sake ba ta maganin, wajibinsa ne ya cika takardar nan mai ruwan ɗorawa ta hukumar NAFDAC. Ba a buƙatar ya tabbatar; tantancewa aikin ƙwararru ne.

Abubuwa huɗu ne ba a rahoto sai da su: bayanin majiyyaci, kamar shekaru da jinsi, yadda illar ta bayyana, maganin da ake zargi, da sunan mai rahoto da lambar wayarsa. Sai dai ƙarfin rahoton yana cikin ranakun nan biyu, domin tazarar kwana tara ita ke nuna ko magani na iya zama sanadi. A haɗa da sauran abin da ta sha, har da jiƙo, da lambar rukunin da ke jikin kwalin. Wannan lamba ce ke bambanta yarinyar da jikinta bai karɓi magani ba da rukunin da ya gurɓace. Ba a manta da maganin haƙori na My Pikin ba, wanda ya hallaka yara 84 daga ƙarshen 2008.

Takardar na bi ta ofishin NAFDAC na jiha zuwa cibiyar sa ido kan illar magunguna ta ƙasa da ke Abuja, daga nan a aika bayanan zuwa cibiyar Uppsala ta ƙasar Siwidin, mai tattara rahotannin duniya. Tun 2020 kuma, ko uwa na iya turawa ta manhajar Med Safety.

Kiranmu ga masu tsara kasafi a Abuja shi ne, duk shirin rabon magani ya zo da kuɗin takardun rahoto da na horar da masu rabo, a kuma riƙa mayar wa mai rahoto da amsa. Illar da aka ɓoye ba ta ɓacewa. Jita-jita take komawa, kuma jita-jita ce ke sa iyaye su rufe ƙofa a damina mai zuwa.