Idan Tambayar Ce Ta Faɗi Jarrabawa

'Yan'uwa malamai, a jarrabawar zangon da ya wuce an tambayi 'yan aji shida cewa, "Wanne ne daidai da rabi?" Aka jera musu zaɓi huɗu: A. 2/4, B. 1/3, C. 0.5, D. 2/3. Takardar amsoshin da aka ba mu ta ce A. Amma 0.5 ma rabi ne, kuma mu da bakinmu muka koya wa yaran haka. Da na zo duba takardu sai na tarar hazikan ajina sun rabu biyu, wasu A, wasu C. Duk lokacin da yaran da suka fi gane darasi suka rabu tsakanin zaɓi biyu, tambayar ya kamata a fara tuhuma.

Akwai kuma wadda ba ta da amsa sam. A ce kashi 15 cikin ɗari na naira 400, amsa 60 ce, amma hannun mai buga takarda ya zame ya rubuta 65. Yaron da ya iya lissafi shi zai fi wahala, domin zai ta maimaita aikin yana zargin kansa, lokaci na tafiya, alhali mai canki-canka ya daɗe da wucewa.

A ganina, yin shiru a nan zalunci ne, ko da maki ɗaya ake magana, domin maki ɗaya yana raba na ɗaya da na biyu. Sai dai yadda za a faɗa yana da muhimmanci. Wanda ya tsara tambayar abokin aiki ne, wataƙila ma ya girme ka. Kada ka tare shi a tsakiyar ofishin malamai. Ɗauki takarda, rubuta lambar tambayar, warware ta mataki-mataki, ka nuna cewa 2/4 da 0.5 abu ɗaya ne, sannan ka ƙara da adadin yaran da suka zaɓi kowanne. Kai wa hedimasta ko shugaban kwamitin jarrabawa kafin a shigar da maki, kana cewa, "Ranka ya daɗe, a duba mana lamba ta 12." Ka zo da mafita: idan amsa biyu ce, a karɓi duka biyun, idan babu amsa, a soke tambayar ga kowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne malami ya gyara wa ajinsa kaɗai a ɓoye, sauran azuzuwa su tafi da asara.

Iyaye kuma, ku gaya wa yaro: ya ɗaga hannu ya sanar da mai sa ido cikin ladabi, ya zaɓi amsa ɗaya tak, don cike biyu faɗuwa ake lissafa shi, ya wuce gaba, ya kuma riƙe lambar tambayar ya kawo wa malaminsa bayan an tashi.